Daga 1000 zuwa 0.01: yadda ake bin sawun dalma a sirki mataki-mataki

Tun bayan abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, awon dalma a ruwa da ƙasa ya zama aikin da ɗaliban kimiyyar sinadarai a jami'o'inmu ke yawan ɗauka. Yara sama da 400 aka rasa a wancan bala'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a lita ɗaya, wato miligiram 0.01. Duk wanda zai ce rijiyar wani ƙauye ta haye wannan iyaka ko ba ta haye ba, dole ne ya kasance yana da ruwan da ya tabbata ƙarfinsa 10 ne daidai, don ya gwada na rijiyar da shi.

Ga inda matsalar take. Na'urar AAS da ake awon da ita ba ta san maikirogiram ba. Haske take aunawa, ta faɗi nawa samfurin ya shanye. Kai ne za ka koya mata, ka ba ta ruwan da ka haɗa ka ce wannan 10 ne, wannan 20 ne, sai ta riƙa kwatanta kowane samfuri da abin da ka gaya mata. Idan ka yi mata ƙarya ba da saninka ba, ita ma ƙaryar za ta maimaita maka a kan kowace rijiya. Ruwan ma'aunin da ake sayowa kuwa yakan zo ne da ƙarfin miligiram 1000 a lita. Wannan kwalba ita ce uwa, daga cikinta ake fitar da komai. Tsakaninta da abin da muke nema akwai tazara mai nisa, kuma tazarar ce aikin farko da za a lissafa.

Kafin a taɓa kwalba, a mayar da lambobin biyu ma'auni ɗaya. Miligiram ɗaya maikirogiram 1000 ne, don haka uwar tana da maikirogiram 1,000,000 a lita. Muna son 10. A raba miliyan ɗaya da goma, an samu 100,000. Wato sai an sirka uwar ninki dubu ɗari. Na fi son ɗalibi ya rubuta wannan lamba da manyan baƙi a saman shafi kafin komai, domin ita ce alƙalin da za a koma wurinsa a ƙarshe. Mafi munin kuskuren da na sha gani a littattafan ɗalibai a nan yake faruwa, kuma ba na ninka lamba ba ne: mutum ya bar ɗaya a miligiram ɗaya a maikirogiram, ya raba 1000 da 10, ya samu 100, ya haɗa ruwan da ya fi wanda ake so ƙarfi sau dubu.

To me zai hana a yi sirkin a tashi ɗaya? A takarda babu abin da ya hana. Mililita ɗaya na uwa a cikin lita 100 na ruwa ya ba da ninki dubu ɗari. Sai dai lita 100 kusan rabin duro ne, kuma babu ɗakin gwaji da ke da tataccen ruwa na ɓarnatarwa haka, balle kwalbar awo mai wannan girma. Idan kuma aka ce a rage girman kwalba zuwa mililita 100, abin da za a ɗebo daga uwar ya koma maikirolita ɗaya, kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Ɗigon ruwa guda na yau da kullum ya kai maikirolita hamsin. Ɗan abin da zai maƙale a bakin fifet, wato siririn bututun da ake ɗiban ruwa a auna da shi, shi kaɗai ya isa ya karkatar da sakamakon sosai. Shi ya sa ake raba tafiyar zango-zango, kowane zango da adadin da hannu da kayan aiki za su iya aunawa da gaskiya.

Dokar rabon ɗaya ce: ninkin matakai ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Ninki ɗari, sai wani ninki ɗari, sai ninki goma, ba 210 ba ne, 100,000 ne. Kowane mataki kuma yana tafiya ne a kan lissafin da kowa ya haddace:

```
C1 × V1 = C2 × V2
```

Ƙarfin abin da ka ɗebo sau yawan abin da ka ɗebo daidai yake da sabon ƙarfi sau sabon yawa. Mutane da yawa sun haddace shi ba tare da sun kula da abin da yake cewa ba. Cewa yake yi dalmar da ta shiga fifet ita ce dalmar da ke cikin sabuwar kwalba, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, wurin zamanta ne kawai ya faɗaɗa. Wanda ya riƙe wannan zai iya bin sawun dalmar da kanta, kamar mai ƙirga kuɗi daga aljihu zuwa aljihu, ko da ya manta haruffan.

Mu bi ta. Mililita ɗaya na uwa yana ɗauke da maikirogiram 1000 na dalma. An zuba shi a kwalbar awo mai dogon wuya ta mililita 100, an cika zuwa layi. Yanzu maikirogiram 1000 ɗin nan sun bazu a mililita 100, kowane mililita ya samu 10. Wannan ita ce kwalbar farko, ƙarfinta miligiram 10 a lita. An ɗebi mililita ɗaya daga cikinta, wato maikirogiram 10, an kai kwalba ta biyu, an cika zuwa 100. Maikirogiram 10 a kashi ɗaya cikin goma na lita daidai yake da 100 a lita guda. Daga kwalba ta biyu sai a ɗebi mililita 10, waɗanda ke ɗauke da maikirogiram ɗaya tak, a kai kwalba ta uku a cika zuwa 100. Maikirogiram ɗaya a mililita 100, shi ne 10 a lita. An iso.

```
uwa  1000 mg/L
A    1 mL  → 100 mL   10 mg/L    ×100
B    1 mL  → 100 mL   100 µg/L   ×100
C    10 mL → 100 mL   10 µg/L    ×10
100 × 100 × 10 = 100,000
```

Lambar ƙasa ta yi daidai da wadda aka rubuta a saman shafi. Hanyoyi biyu ke nan suka haɗu a wuri ɗaya, ta ninki da ta bin nauyin dalma, kuma ina ganin bai kamata a fara zuba komai ba sai sun haɗu.

Dubi abin da lissafin ya nuna mana a kan kwalba ta uku. Duk dalmar da ke cikinta maikirogiram ɗaya ce. Idan kashi ɗaya cikin goma na maikirogiram ya shigo daga waje, ta ƙurar hunturu da ta sauka a buɗaɗɗiyar kwalba, ko daga fifet ɗin da aka taɓa uwa da shi ba a wanke da kyau ba, ƙarfin ya hau da kashi 10 cikin 100. Haka kuma idan dalmar ta maƙale a jikin gilashi, ƙarfin ya sauka, kuma tana maƙalewa idan ruwan ba shi da tsami. Don haka ne ba a sirki da ruwa zalla. Ana sa asid na naitirik kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a ruwan sirkin, ana jiƙa kwalabe da fifet a cikin asid su kwana kafin a ɗauraye, kuma raunanan kwalabe irin ta biyu da ta uku a ranar aiki ake haɗa su. Uwar kan daɗe idan an rufe ta da kyau. 'Ya'yanta ba sa jure ajiya.

Akwai wata magana da ake yawan faɗa, wai a rage yawan matakai domin kowane mataki na ƙara kuskure. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce, kuma rabin da aka bari shi ya fi muhimmanci. Kowane kayan awo yana da ɗan saɓanin da aka yarje masa, a rubuce a jikinsa. Fifet na gilashi mai daraja ta ɗaya na mililita ɗaya yakan ɗauki saɓanin 0.008, wato kashi 0.8 cikin 100. Na mililita 10 yana da 0.02, wanda kashi 0.2 ne kawai. Kwalbar mililita 100 tana da 0.1, kashi 0.1 ke nan. Idan muka ɗauki mafi munin hali a tsarinmu na matakai uku, inda duk saɓanin ya karkata gefe ɗaya, mataki na farko ya kawo 0.9, na biyu 0.9, na uku 0.3, jimilla wajen kashi 2.1. Yanzu a ce wani ya zaɓi doguwar hanya, matakai biyar, kowanne mililita 10 zuwa 100. Goma sau biyar a jere ta ba da 100,000 ita ma. Kowane mataki ya kawo 0.3, jimilla kashi 1.5. Mai matakai biyar ya fi mai uku kusa da gaskiya.

Ashe ba yawan matakai ne abin tsoro ba, ƙanƙantar abin da ake ɗiba ne. Wannan bai sa na ce kowa ya koma matakai biyar ba. Doguwar hanyar tana cin mililita 10 na uwa a kowane haɗi, ita kuwa uwar kuɗi ce, kuma kwalbarta ƙarama ce. Tana kuma buƙatar kwalabe biyar wankakku da asid, kowacce ƙofa ce da gurɓata za ta iya shiga. Ga awon ruwan rijiya, saɓanin kashi 2 ba zai canza hukunci ba, don haka matakai uku sun wadatar. Abin da nake so shi ne mai haɗin ya zaɓa da saninsa, ya san nawa ya saya da nawa ya sayar.

Wancan lissafi duk a kan lafiyayyun kaya ne. Idan fifet ya samu matsala, labari ya sha bamban. A ce irin na dannawa ne, an daɗe ba a duba shi ba, yana ba da ƙasa da abin da ya nuna da kashi 2 cikin 100. A mataki ɗaya abin da zai iso kashi 98 ne. A biyu, 0.98 sau 0.98, kashi 96. A biyar ya koma kusan 90. Irin wannan kuskure ba ya sokewa, domin kullum gefe ɗaya yake ja. Duba shi kuwa ba wuya: a ɗebi tataccen ruwa da fifet ɗin a zuba a kan sikeli mai kyau. Mililita ɗaya ya kamata ya auna kusan giram ɗaya, ƙasa da shi da ɗan kaɗan a zafin ɗaki, wajen 0.997. A maimaita sau goma. Idan kullum 0.975 ake gani, fifet ɗin ne ke da laifi.

Sai kuskuren harshe, wanda ya fi na kayan aiki ɓarna. Idan aka ce sirkin ɗaya cikin goma, ana nufin kashi ɗaya na samfuri a cikin jimillar kashi goma, wato ɗaya da tara. Amma kunnen da ya saba da girki yakan ji shi a matsayin ɗaya a zuba masa goma, kamar yadda ake cewa gwangwanin shinkafa ɗaya, na ruwa biyu. Wanda ya zuba mililita ɗaya a kan goma ya yi ninki 11 ne. A mataki ɗaya bambancin bai kai kashi 10 ba, har ana iya kau da kai. A matakai biyar, 11 sau kanta biyar ta ba da 161,051 a maimakon 100,000, sai kwalbar da aka rubuta wa 10 ta ƙare da 6.2. Kwalbar awo mai layi tana kare mutum daga wannan, tunda cikawa ake yi zuwa layi, ba a auna ruwan daban. A ƙananan bututan gwaji ne abin ke faruwa. Ni dai ba na yarda da rubutun 1:10 shi kaɗai a littafin aiki. A rubuta nawa aka ɗebo, a rubuta nawa ne jimilla.

Me zai biyo baya idan ma'auni ya yi rauni haka? Na'ura ta ga hasken 6.2, an ce mata 10 ne. Daga nan duk rijiyar da ke da 6.2 za ta fito a 10, mai 10 ta fito a 16. Za a ɗora wa ruwa mai ɗan dama-dama laifin da bai kai ba. Kishiyar hakan ta fi tayar mini da hankali. Idan ma'aunin ya fi abin da aka rubuta ƙarfi, misali uwar ta sha zafi da murfi a kwance har ruwanta ya ragu, ko an hura ɗigon ƙarshe na fifet ɗin gilashi wanda aka ƙera don a bar shi a ciki, ko gurɓata ta shiga, to kwalbar 10 tana iya zama 12. Rijiya mai 12 sai ta fito a 10, a ce ba ta haye iyaka ba, yara su ci gaba da sha.

Na'ura ba ta aiki da ma'auni ɗaya, tana son jeri, misali 5, 10, 20 da 40, don ta ja layi. A nan kwalba ta biyu mai ƙarfin 100 ke nuna amfaninta. Don samun 40 a mililita 100, lissafin ya ce 100 sau V1 daidai yake da 40 sau 100, V1 ya zama mililita 40. Haka 20 ke son mililita 20, 5 ke son 5. Ko lambar da ba ta cika ba ce, kamar 15, mililita 15 ne, alhali daga kwalbar farko da sai an ɗebi 0.15. Dalilin da ya sa ake tsayar da kwalbar ƙarshe kafin jeri a kan ƙarfin da bai yi nisa da abin nema ba ke nan. Na fi son a ciro kowanne kai tsaye daga kwalba ta biyu, maimakon a raba 40 biyu a samu 20, a raba 20 a samu 10. Idan hannu ya kuskure a guda ɗaya, ɗigonsa kaɗai zai kauce daga layi, a gan shi, a sake shi. A sarƙa kuwa duk na ƙasa da shi sai su gaje shi.

Amma akwai abin da layin ba zai taɓa nunawa ba, kuma nan ne ɗalibai suka fi ruɗuwa. Idan kuskuren a kwalbar farko ko ta biyu yake, duk jerin ya gaje shi daidai wa daida. Layi zai fito a miƙe sambal, allo ya nuna makin miƙewar layi 0.999, dab da cikakken maki 1, kowa ya yi murna, alhali kowane ɗigo a kansa ya gaza abin da aka rubuta masa da kashi 20 cikin 100. Miƙewar layi shaida ce cewa 'ya'yan sun yi kama da juna, ba shaida ba ce cewa sun yi daidai. Hanyar kama wannan ita ce a samo ma'auni daga wata uwa daban, a haɗa shi daban, in da hali da hannun wani, a ba na'ura shi kamar samfuri. Idan an haɗa 20 ya fito tsakanin 18 da 22, an samu natsuwa. Idan ya fito 25, ɗaya daga cikin sarƙoƙin biyu ta karye, sai a koma baya a nemo inda.

Wani lokaci ma kuskuren ya riga mataki na farko. Inda babu uwar saye, akan haɗa ta da gishirin dalma na naitiret. Dalma kashi 62.6 cikin 100 ce kawai na nauyin wannan gishiri, don haka giram 1.599 ake aunawa don a samu miligiram 1000 na dalma a lita. Wanda ya auna giram ɗaya cif ya fara ne da 626. Ita ma uwar saye a karanta takardarta. Idan ta ce 998, to kwalba ta uku 9.98 ce, kuma haka za a shigar wa na'ura.

Ragowar aikin shi ne bin hanyar a juye. A ce an kawo ruwa daga kududdufin da ake wanke dutsen zinare, na'ura ta nuna ya wuce 40, ƙarshen jerinmu. Ba a yarda da lambar da ta wuce ma'auni mafi ƙarfi, domin layin yakan lanƙwashe a sama. Sai a sirka samfurin. Mililita 5 zuwa 50, ninki 10. Har yanzu ya wuce. Daga wannan aka ɗebi mililita 10 zuwa 50, ninki 5. Yanzu allo ya nuna 28. Jimillar ninki 10 sau 5 ne, 50, don haka ainihin ruwan yana da 28 sau 50, maikirogiram 1400 a lita, wato miligiram 1.4, ninki 140 na iyakar ruwan sha. Wanda ya manta mataki na farko zai rubuta 140. Wanda ya tara a maimakon ninkawa zai rubuta 420.

A wannan juyin, duk wani datti da ke cikin ruwan sirki shi ma ninkuwa yake yi. Idan ruwan da asid ɗin suna ɗauke da maikirogiram ɗaya a lita ba a lura ba, bayan an ninka da 50 ya zama kusan 50 a rahoto. Don haka ake auna ruwan sirkin shi kaɗai, a cire abin da ya nuna kafin a ninka, ba bayan an ninka ba. Kuma don a tabbata, a sake wani sirkin na ninki 100 daga samfurin na asali. Ya kamata ya nuna kusan 14. Idan ya nuna 14, lambobin biyu sun koma 1400. Idan ya nuna 19, akwai abin dubawa: ko ba a jujjuya wata kwalba sosai ba kafin a ɗiba, ko wani abu a cikin ruwan kududdufin yana danne hasken a sirkin da ya fi kauri. Jujjuyawar nan ba a raina ta, domin wuyan kwalbar awo siriri ne, ruwan da ke cikinsa ba ya gauraya da na ƙasa sai an toshe baki an kifa ta an miƙar kamar sau goma sha biyar. Idan an yi hakan kuma saɓanin bai tafi ba, sai a yi sirki na uku, ninki 200, a ga ko zai ba da rabin na ninki 100.